Yadda Manhaja Ke Gano Ɗalibin Da Ya Kwafi Aikin Wani

A shekarar 1994, Alex Aiken, malamin kimiyyar kwamfuta da yake koyarwa a Jami'ar California da ke Berkeley a lokacin, ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna MOSS. Aikinta guda ɗaya ne: malami ya tura mata shirye-shiryen kwamfutar da ɗalibansa suka rubuta, ita kuma ta gwada su biyu-biyu, ta fito da waɗanda kamanninsu ya yi yawa. Bayan shekara biyu aka samar da takwararta JPlag a Jami'ar Karlsruhe ta ƙasar Jamus. Har yau jami'o'i da dama na amfani da su, kuma har yau ɗalibai na faɗawa hannunsu da dabarar da ta daɗe da mutuwa, wato sauya sunaye.

A ce malami ya ba da aiki: a rubuta shirin da zai tara makin duk ɗaliban da suka samu 40 ko fiye. Ɗalibi na farko ya rubuta nasa da harshen Python:

```python
total = 0
for x in scores:
    if x > 40:
        total = total + x
```

Abokinsa ya karɓa da daddare, ya sauya sunayen da ke ciki, ya miƙa da safe:

```python
jimla = 0
for maki in sakamako:
    if maki > 40:
        jimla = jimla + maki
```

Malamin da ke da takardu ɗari biyu a gabansa zai iya wuce wannan bai lura ba. Manhajar kuwa, kafin ta fara kwatanta komai, sai ta zubar da duk abin da ba ya sauya aikin shirin: giɓin da ke tsakanin kalmomi, layukan da ba komai a cikinsu, da bayanan da marubuci ya bari a gefe domin mai karatu. Sannan ta maye gurbin kowane suna da harafi guda. Idan ta gama, shirye-shiryen biyu sun koma layi ɗaya tak:

```
V = 0 for V in V : if V > 40 : V = V + V
```

Tamkar wanda ya sace babur ne ya sake masa fenti, alhali mai bincike lambar inji yake dubawa.

Daga nan sai a yayyanka layin gunduwa-gunduwa. Idan an zaɓi tsawon biyar, gunduwar farko ita ce alamomi na ɗaya zuwa na biyar, ta biyu daga na biyu zuwa na shida, haka har ƙarshe. Kowace gunduwa ana bi da ita ta wani lissafi da ke mayar da ita lamba, kuma gunduwa iri ɗaya kullum lamba ɗaya take bayarwa. Ajiye lambobin duka zai yi nauyi, don haka Aiken da abokan aikinsa Saul Schleimer da Daniel Wilkerson suka bayyana hanyar tankaɗe su a wata maƙala ta 2003. Ana duba lambobin huɗu-huɗu, misali, ana matsawa da taki ɗaya, a kowane zubi a ɗauki mafi ƙanƙanta. Idan lambobin su ne 31, 12, 58, 44, 9, 70, zubin farko zai ba da 12, na biyu da na uku kuma su ba da 9. Lambobi biyu ke nan aka riƙe daga cikin shida, kuma su ne zanen yatsan wannan sashe.

Armashin dabarar shi ne tana da tabbaci. Da gunduwa mai tsawon biyar da zubi na huɗu-huɗu, duk wani yanki mai alamomi takwas ko fiye da ya zo iri ɗaya a shirye-shirye biyu, dole a samu aƙalla lamba ɗaya da suka yi tarayya a kanta. Shi ya sa ɗauke wani sashe daga saman shiri a mayar da shi ƙasa ba ya ɓad da sawu. JPlag ta bi wata hanyar: tana neman yanki mafi tsawo da ya zo iri ɗaya, ta yi masa alama, ta nemi na biye da shi.

Abin da ke isowa gaban malami jerin sunaye ne biyu-biyu, da kason kamanni, da layukan da suka dace an shafa musu launi, kafaɗa da kafaɗa. Wannan ba hukunci ba ne, kuma masu MOSS da kansu sun gargaɗi malamai cewa manhajar ba ta san dalilin kamanni ba. Shiri mai layi huɗu irin na sama, rabin aji na iya rubuta shi iri ɗaya ba tare da kowa ya leƙa na wani ba, domin hanyoyin tara lambobi ba su da yawa. Saboda haka ne ake iya nuna wa manhajar rubutun da malami ya raba wa kowa ta fitar da shi daga lissafi, kuma tana ƙyale yankin da ya bayyana a ayyuka masu yawa. Malamin da ya ga kashi 80 cikin ɗari ya yanke hukunci nan take, to ya yi gaggawa.

Ainihin shaidar tana wani wuri da mai karatu ya riga ya wuce. An ce 40 ko fiye, amma duka biyun sun rubuta `> 40` maimakon `>= 40`, don haka wanda ya ci 40 cif an bar shi a waje. Idan irin waɗannan kura-kuran suka zo iri ɗaya a wurare uku ko huɗu cikin dogon aiki, da wuya a ce katari ne.

To, duba aikin wani haramun ne ga mai koyo? Ko kusa. A 1985, John Sweller da Graham Cooper sun gwada ɗaliban lissafin aljabra a Ostareliya, suka gano cewa waɗanda suka nazarci misalan da aka riga aka warware sun fi saurin warware tambayoyi masu kama da su, kuma da ƙarancin kuskure, a kan waɗanda aka bar su suna laluben hanya tun farko. Sabon shiga da aka jefa cikin tambaya yakan ƙarar da hankalinsa wajen lalube. Misali na sauke masa wannan nauyin, ya samu sararin lura da matakai.

Bambancin yana ga abin da mutum ya yi da misalin. Mai koyo yana tsayawa a kowane layi ya tambayi kansa: me ya sa aka fara da sifiri, kuma me zai faru in an sa layin `total = 0` a cikin zagayen? Amsar ita ce jimlar za ta riƙa gogewa a kowane zagaye. Yana ɗaukar maki uku, 35 da 40 da 62, ya bi shirin da biro a takarda, ya ga ya samu 62 inda ya kamata ya samu 102, ya gano kuskuren da mai kwafi ya haɗiye. Sannan ya rufe littafin, ya rubuta nasa da ka, a kan tambayar da ta ɗan bambanta.

Da irin wannan tambayar malami ke rarrabe su cikin 'yan mintuna. Zai ce: "Yanzu ina son matsakaicin makin waɗanda suka ci." Wanda ya koya zai ƙara wani suna da zai riƙa ƙirga mutane, ya raba jimla da adadinsu, wataƙila ma ya tuna cewa idan ba wanda ya ci, Python za ta tsaya da `ZeroDivisionError`. Wanda ya kwafa zai zuba wa allon ido.

A Harvard, darasin CS50 na David Malan ya fito da wata ƙa'ida a 2014: ɗalibin da ya kwafa, idan ya kai kansa cikin awa 72, za a iya ba shi sifiri a wannan aikin ba tare da an kai shi gaban kwamitin ladabtarwa ba. Duk da wannan rangwame, rahotanni sun nuna cewa fiye da ɗalibai 60 na zangon kaka na 2016 sun gurfana gaban kwamitin bisa zargin maguɗi.