Gudun Kai da Komowa: Yadda Malami Zai Auna Juriyar Ajinsa

Idan malami ya ce zai auna lafiyar jikin 'yan ajinsa, sai ya fara tambayar kansa ko wane abu ne yake so ya auna, gama sauri dabam, juriya dabam. Akwai gwaji iri biyu da ake kira da suna ɗaya, watau gudun kai da komowa, kuma sau da yawa ana haɗa su wuri ɗaya. Na fari gajere ne. Yaro yakan gudu mita 10 sau huɗu yana ɗauko 'yan guntayen katako, ya gama cikin 'yan sakan kaɗan. Wannan zafin nama da iya juyawa yake nunawa, ba ya faɗin kome game da numfashi. Na biyu shi ne na mita 20, wanda ake bin ƙara, shi ne kuwa mai auna juriyar zuciya da huhu. A kansa za mu tsaya.

Wani malami mai suna Luc Léger na Jami'ar Montreal a ƙasar Kanada shi ya fito da wannan gwaji a 1982, a 1988 kuma ya fitar da irin wanda aka gyara domin yara, mai mataki na minti ɗaya ɗaya. Kafin wannan akwai gudun minti 12 na Likita Kenneth Cooper, na 1968, inda mutum yakan yi ta gudu a auna nisan da ya ci. Gwaji ne mai kyau ga manya. Amma yana bukatar fili babba wanda aka auna kewayensa, kuma yaron firamare bai san tattalin ƙarfinsa ba. Da an busa usur sai ya zuba da gudu kamar an biyo shi, kafin minti biyu ya zube. A gudun mita 20 kuwa ƙarar ce take riƙe masa linzami. Domin wannan, a ganina, shi ya fi dacewa da makarantar da ba ta da kome sai fili da malami ɗaya.

Ga yadda yake. A ja layi biyu, mita 20 tsakaninsu. Yara su jeru a kan layi ɗaya, kowa da filin da ya kai mita ɗaya. Ana sa musu ƙarar da aka riga aka ɗauka, ta wayar hannu da lasifika ko wani abin sauti. In ƙara ta yi su tashi, su isa ɗaya layin kafin ta sake yi. Wanda ya riga ta isa sai ya jira, ba ya juyowa sai ya ji ta. Kowace ƙetarawa ita ce sawu ɗaya. Ana farawa da gudun kilomita 8 da rabi a awa, watau kusan sakan 8 da rabi ga sawu, abin da bai wuce sassarfa ba. Bayan kamar minti ɗaya sai a shiga mataki na biyu, a ƙara rabin kilomita, sawu ya koma sakan 8. Haka za a yi ta matsawa. Mataki na ɗaya sawu 7 ne, na biyu 8, na uku 8, saboda haka wanda ya gama mataki na uku ya yi sawu 23. Yaron da ya kasa isa layi a yi masa gargaɗi. In ya sake kasawa a sawu na biye, ya gama ke nan, a rubuta sawun ƙarshe da ya cika.

To, inda aikin ya fi lalacewa shi ne wurin awon fili, tun yaro ko ɗaya bai ɗaga ƙafa ba. A ce malami ya auna da taku, filin ya fito mita 19. Mita ɗaya kamar ba kome ba ne, amma kashi ɗaya ne cikin ashirin. Sa'ad da ƙarar take neman gudun kilomita 10 a awa, yaran 9 da rabi suke yi, watau an yi wa kowa kyautar mataki guda cur. Wanda kuma ya ɗauko tsohon tef mai yadi ya auna yadi 20, nasa ya fi muni, gama yadi 20 bai wuce mita 18 da 'yan kai ba. Kyautar tasa ta kusa mataki biyu. In yadi ne kaɗai ke hannu, yadi 22 shi ne ya yi kusa da mita 20 ƙwarai. Abin da ya fi sauƙi shi ne a auna igiya sau ɗaya da kyau, a ƙulla bakinta biyu, a ajiye ta domin wannan aiki kaɗai. Sai dai igiyar roba tana miƙewa, a guje ta. A ja layin da toka ko farar ƙasa, a wuri mai tauri wanda ba shi da gangare. Rairayi yana cin ƙarfin yaro a wurin juyawa.

Ƙarar ma sai an gwada ta da agogo mai nuna sakan. A mataki na biyu ya kamata a sami sakan 8 daidai tsakanin ƙara da ƙara. Kuma ba duka ne iri ɗaya ba, waɗansu da kilomita 8 suke farawa, yawan sawu a matakai na gaba ma yana bambanta kaɗan. Wadda aka yi aiki da ita a farkon shekara, ita za a riƙe har ƙarshe.

Kafin ranar gwaji a ba su rana guda ta koyo, su yi mataki biyu ko uku kawai, su saba da jiran ƙara da kuma juyawa. Juyawa daidai ita ce yaro ya taka layi da ƙafa ɗaya ya juyo nan take, ba ya yi kwana mai faɗi kamar keke ba. Ran gwaji a raba aji biyu biyu, ɗaya yana gudu, abokinsa yana zaune bayan layi yana jan ɗan layi a takarda ga kowane sawu. Malami shi kaɗai ba zai iya ƙidaya wa yara goma sha biyar ba, aikinsa shi ne duban ƙafafu a kan layi da duban fuskoki. A yi shi da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba, ba bayan cin abinci nan da nan ba, da ruwan sha a kusa. Wannan gwaji ne da ke kai mutum iyakar ƙarfinsa. Saboda haka yaro mai zazzaɓi ko wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, da mai azumi, ba su shiga. Mai sikila, da mai asma, da wanda aka san yana da ciwon zuciya, sai da yardar ma'aikacin asibiti. Wanda ya ce ƙirjinsa na ciwo ko yana ganin jiri, a tsai da shi, kada a tsaya gardama. Waɗanda suka gama kuma su yi ta 'yar tafiya har numfashi ya kwanta, kada su zube ƙasa.

Yanzu ga takardu a hannu, me za a yi da su? Bari mu ɗauki misali. A ce aji yana da yara maza goma sha ɗaya, sawunsu daga ƙarami zuwa babba ga shi: 14, 19, 22, 24, 26, 28, 31, 33, 36, 41, 78. In aka bi lissafin da muka saba, aka tara duka, za a sami 352, a raba goma sha ɗaya ya ba da 32. Amma dubi, yara bakwai cikin goma sha ɗaya ba su kai 32 ɗin ba. Yaro guda mai 78 shi ya ja lissafin sama. Abin da ya fi faɗin gaskiyar ajin shi ne yaron da ke tsakiyar jeri, na shida, mai biyar a gabansa biyar a bayansa. Shi kuwa 28 ya yi. In aka cire mai 78 aka sake lissafi, na tarawa da rabawa zai faɗo zuwa 27 da 'yan kai, na tsakiya kuwa daga 28 zuwa 27 kaɗai zai motsa. Shi ya sa na tsakiya ya fi aminci.

Sa'an nan sai a koma kan bakin jerin guda biyu. Mai 78 ɗin, a duba rajista tukuna. A makarantunmu ba abin mamaki ba ne a sami ɗan shekara goma sha biyar a aji ɗaya da 'yan goma sha biyu. In haka ne, shekarunsa ne suka yi gudun, ba a gwada sauran da shi. In kuwa sa'ansu ne, a duba takardar abokinsa ko hannunsa ya yi nauyi wajen jan layi. In duka daidai ne, to, malamin wasanni ya sami ɗan tseren dogon zango.

Mai 14 ya fi bukatar hankalin malami. Sawu 14 bai cika mataki na biyu ba, watau ko minti biyu bai yi ba, a gudun da bai wuce kilomita 9 a awa ba. A nan ne duban fuska yake da amfani. In ya tsaya numfashinsa lafiya lau, yana dariya da abokai, ba a auna juriyarsa ba tukuna: ko bai gane ƙa'idar ba, ko bai ga dalilin wahalar da kansa ba. A sake masa wata rana. In kuwa ya tsaya yana haki sosai, sai a tambaya ko ya karya kumallo, ko ya yi zazzaɓi kwanan nan, a duba cikin fatar idonsa da tafin hannunsa ko sun yi fari. Ƙarancin jini yana rage juriya ƙwarai, gama jini ne ke kai iska ga tsoka. Malami ba likita ba ne, nasa shi ne ya gaya wa iyaye su kai yaron a duba shi. Yaro mai jiki kuma yakan yi ƙasa a wannan gwaji ko da zuciyarsa lafiya take, domin yana ɗauke da nauyi yana kuma tsai da shi a kowane layi.

'Yan mata a yi musu nasu jerin dabam. Tun suna ƙanana bambancin ba shi da yawa, amma daga lokacin balaga na maza yakan yi gaba. A lura da tufafi kuma, wadda take gudu tana riƙe da zane ba juriyarta aka auna ba. Akwai jadawalin da aka buga a ƙasashen Turai da Amirka mai nuna abin da ɗan shekara kaza ya kamata ya yi. Ana iya dubawa, amma da 'ya'yansu aka yi shi, galibi cikin ɗakin wasanni mai daɓe mai kyau. Gwada aji da kansa ya fi amfani.

A ce bayan wata uku an sake gwaji a fili ɗaya, da igiya ɗaya, da ƙara ɗaya, a lokaci ɗaya na safiya. Yaro ya tashi daga 28 zuwa 31. Wannan bai isa a yi shela ba, gama sawu uku bai kai rabin mataki ba, barci mai kyau ko sanyin gari ya isa ya kawo shi. Ni dai, in canjin yaro ɗaya bai kai mataki guda ba, watau sawu takwas ko tara, ba na ɗaukarsa a bakin kome. Amma in na tsakiyar aji ya tashi daga 28 zuwa 36, kuma tara cikin goma sha ɗaya sun ƙaru, wannan abin yarda ne, ko da yake wani kashi nasa sabo da gwajin ne, wani kuma girma ne da yaran suka yi. Wanda ya zo na ƙarshe a karon fari sau da yawa yakan ɗan hau a karo na biyu ko ba a yi masa kome ba, tun da yake mai yiwuwa ne muguwar rana ce ta same shi da fari. Kada malami ya yi saurin cewa dabararsa ce.

Lambar kowane yaro a ajiye ta cikin littafin malami tare da shekarunsa, da kwanan wata, da irin filin, da yadda gari yake ran nan. A gaya wa yaro tasa shi kaɗai, tare da wadda ya yi a baya. Ba a sa ta cikin makin jarrabawa, ba a kuma manna jerin a bango, gama wanda aka yi wa dariya yau, ran gwaji na gaba zai ce ƙafarsa na ciwo.