Wasiƙar Ta'aziyya Daga Ƙungiyar Gari: Yadda Ake Tsara Ta

Idan dattijon gari ya rasu da asuba a Malumfashi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. 'Yan garin da ke neman abinci a Agege ta Legas ko Sabo ta Ibadan ba za su samu jana'iza ba. Abin da ya rage musu shi ne su riski zaman makoki, wanda a gidaje da yawa ake tashinsa ranar sadakar uku. Shi ya sa sakataren ƙungiyarsu kan zauna ya rubuta wasiƙa tun a daren da labari ya iso.

A ɗauki misalin tsohon hedimasta da ya bar mata 2 da 'ya'ya manya. Tambayar farko ita ce: sunan wa za a sa? Idan aka sa na ɗan amarya don shi ne sananne, an taɓa zuciyar ɗakin uwargida. Gogaggen sakatare kan rubuta "Zuwa ga iyalan Marigayi Malam Wane", ta hannun ƙanin mamacin ko babban ɗansa. Yakan kuma tabbatar da laƙabi, domin a bar sarautar mutum ko a kira Alhaji da Malam kuskure ne da dangi ba sa mantawa.

Bayan sallama da mayar da al'amari ga Allah, sai a zo kan aikin mamacin. Cewa "an yi babban rashi" kowa ma ya faɗa. Abin da ke sanyaya zuciya shi ne a ambaci abu takamaimai: shi ya sasanta rikicin filin makaranta, shi ya riƙe kuɗin gyaran rijiya ba a ji kobo ya yi ciwon kai ba. Daga nan sai addu'a: Allah ya jiƙansa, ya ba iyali haƙuri, ya kyautata namu ƙarshe. Ana gaida matansa musamman, domin takabar wata 4 da kwana 10 ke gabansu. Shugaba da sakatare su sa hannu, a buga hatimi.

Akwai abin da ba ya shiga. Idan takardu ko kuɗin ƙungiya na hannun marigayin, wannan zance ne na daban da za a yi da magada a keɓe, kafin rabon gado. Haka nan alkawarin ɗaukar nauyin karatun marayu, kada a rubuta shi sai taro ya amince kuma asusu zai iya.

Ba a aika wasiƙar ita kaɗai. Wakilai ne ke kai ta zaure, su yi gaisuwa da baki, a shafa fatiha, sannan su miƙa ta tare da gudummawa. Ƙungiyar da ba ta iya tura mutum daga nesa ba sai ta wakilta wani dattijo mazaunin gari ya kai a madadinta.