Tseren Kuɗin Ruwa da Bunƙasar Arziki: Abin da ke Sa Bashin Ƙasa Ya Yi Nauyi

Duk sa'ad da Ofishin Kula da Basussuka na Najeriya ya fitar da sababbin alƙaluma, hankalin jama'a yakan tafi ga girman lambar. A ƙarshen 2023 bashin ya kai naira tiriliyan 97, a ƙarshen 2024 kuma ya haura tiriliyan 144. Lamba ce mai tayar da hankali, amma ita kaɗai ba ta faɗa mana ko ƙasa za ta iya ɗaukar kayan da ta ɗora wa kanta. Japan ta daɗe da bashin da ya ninka abin da take samarwa a shekara fiye da sau biyu, kuma tana biya ba fashi. Ghana kuwa, wadda nata bai kai rabin wannan nauyin ba, ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamban 2022.

Masana ba sa auna bashi shi kaɗai. Suna gwada shi ne da darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara, noma da kiwo da masana'antu da sufuri da ciniki, wanda za mu kira arzikin shekara. Idan bashi naira 50 ne, arzikin shekara kuma naira 100, sai a ce bashin ya kai kashi 50 cikin ɗari. Abin tambaya shi ne, wannan kason hawa yake yi ko sauka?

Ɗan kasuwar da ya ranto jari ya san amsar tun kafin a rubuta ta a littafi. In cinikinsa na ƙaruwa fiye da yadda kuɗin ruwan ke taruwa, bashin na ƙanƙancewa a idonsa kowace shekara ko bai rage ko sisi daga uwar kuɗin ba. In kuwa ruwan ya fi cinikin gudu, wata rana jarin gaba ɗaya zai tafi. Gwamnati ta bambanta da shi ta fuska ɗaya: ita ba ta cika biyan uwar kuɗi daga aljihunta ba. Idan wa'adin wani bashi ya cika, sabo take ci ta biya tsohon. Shi ya sa a wurinta tseren nan tsakanin ruwa da bunƙasa ya fi komai tasiri.

Mu ɗauki misali da wata ƙasa da arzikinta na shekara ya kai naira tiriliyan 100, bashinta kuma tiriliyan 50. A ce harajin da take tarawa ya yi daidai da albashi da ayyuka da sauran hidimomi, ba rara ba giɓi, sai dai kuɗin ruwa kaɗai take rantowa ta biya. Ruwan bashin kashi 12 ne a shekara, arzikin kuma yana ƙaruwa da kashi 8. Baɗi bashin zai zama tiriliyan 56, arzikin ya zama 108. Kason ya tashi daga 50 zuwa kusan 52. Ba a gina sabuwar hanya ba, ba a ƙara wa kowa albashi ba, amma kayan sun ƙara nauyi. Idan aka ci gaba haka shekara 10, kason zai kai kusan 72, domin ruwan bana yakan hau kan uwar kuɗi ya haifi nasa ruwan baɗi.

Yanzu a juya lambobin: ruwa kashi 8, bunƙasa kashi 12. Bashin zai zama 54, arzikin ya zama 112, kason ya sauko zuwa 48. Bayan shekara 10 yana kusan 35. Ƙasa ɗaya, bashi ɗaya, ministan kuɗi ɗaya, amma makoma biyu da ba su ko yi kama ba. Masana tattalin arziki suna taƙaita wannan a layi guda:

```
Δd = d × (r − g) / (1 + g) − s
```

A nan d kason bashi ne, Δd kuma canjinsa a shekara. Harafin r matsakaicin kuɗin ruwan da gwamnati ke biya ne, g saurin bunƙasar arziki, s kuwa rarar da ta rage a kasafi bayan an cire duk kashe-kashe ban da kuɗin ruwa. Evsey Domar ya bayyana tushen wannan lissafi tun 1944.

Wannan s ɗin ne wurin da lissafi ke taɓa rayuwar mutane. A misalinmu na farko, don kason ya tsaya cak a 50, bai kamata bashin ya wuce tiriliyan 54 ba, wato rabin 108. Shi kuwa 56 ya nufa. Dole ke nan gwamnati ta samo rarar tiriliyan 2, ko ta ƙarin haraji ko ta rage kashewa. Da a ce bashin kashi 100 ne, tiriliyan 4 za ta nema, don tazara ɗaya ta fi cizo a kan babban bashi. A misali na biyu kuwa, tana iya ƙara cin tiriliyan 2 ta zuba a makarantu da asibitoci, kason bai motsa ba.

Tiriliyan 2 cikin ɗari kamar ba wani abu ba ne. Ga ƙasar da gwamnatinta ke tara kashi 40 na arzikin shekara, lalle ɗan tsuke bakin aljihu ne. Ga wadda ke tara kashi 10 kacal, kusan ɗaya bisa biyar ne na duk abin da ke shiga baitulmali, kuma a irin wannan sahun Najeriya ta daɗe. Na ga wannan ne babban abin da ake tsallakewa idan jami'ai suka ce kason bashinmu bai kai na ƙasashen Turai ba. Gaskiya ne bai kai ba. Sai dai ba da arzikin shekara ake biyan masu bin bashi ba, da kuɗin shigar gwamnati ake biyansu, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 hidimar bashi ta cinye kusan kashi 96 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

Tarihi ya nuna fuskokin tseren biyu. Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da bashin da ya kai kusan kashi 250 na arzikinta. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 ya sauko kusa da kashi 50, alhali yawan fam ɗin da ake binta bai ragu ba. An danne kuɗin ruwa, arziki da farashi suka yi ta hawa, kason ya narke. Girka kuma akasin haka ta gani: tattalin arzikinta ya tsuke da kusan kwata tsakanin 2008 da 2013, don haka duk da tsuke bakin aljihu mai tsanani da yafe mata sama da yuro biliyan 100 a 2012, kason ya tashi daga kusan 127 a 2009 zuwa kusan 180 a 2014. Rage kashewar da aka yi don samar da rara ta ƙara durƙusar da bunƙasar da ake buƙata.

To, ina Najeriya take a tseren? A takarda, a gefen sauƙi. Bunƙasar da ake gwadawa da kuɗin ruwan naira ita ce ta arziki a farashin kasuwa, wato ƙaruwar kaya ta gaske haɗe da tashin farashi. A 2024 ƙaruwar gaske kashi 3 da ɗoriya ce, amma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba, sama da ruwan da gwamnati ke biya kan yawancin takardun bashinta na cikin gida. Ma'ana, nairar da ake mayar wa mai bin bashi ba ta sayen abin da wadda ya bayar ta saya. Bashin na narkewa, amma wani ne ke biya a ɓoye: mai ajiya a banki, da ma'aikacin da aka zuba fiye da rabin asusun fanshonsa a takardun gwamnati. Kuma wannan sauƙin ba ya ɗorewa. Masu ba da rance sukan farga, su nemi ruwa mai yawa da wa'adi gajere. Babban Bankin Najeriya da kansa ya ɗaga ma'aunin ruwansa zuwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024 don yaƙar hauhawar farashi. Duk tsohon bashi mai arha da wa'adinsa ya cika, da mai tsada ake maye gurbinsa, shi ya sa gajeren wa'adi ke da haɗari: yana gaggauta shigar sabon farashin cikin dukan bashin.

Mai karatun da ya guje wa riba zai ce ai akwai sukuk. Akwai, kuma ya gina hanyoyi da dama. Amma na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, ya riƙa biyan haya kashi 16.47 a shekara. Hukuncinsa a shari'a daban ne, amma a lissafin baitulmali wannan hayar a gurbin r take zama.

Sai babban ramin, wato bashin dala. Koma ga ƙasar misalinmu, a ce tiriliyan 20 daga cikin 50 ɗin da dala aka ci. Idan farashin dala ya ninka, 20 ta zama 40, bashin ya koma 70 ba tare da an ranto ko kwabo ba. Ruwan bashin waje yana iya zama kashi 2 ko 7 a takarda, amma tsadarsa ta gaske ita ce wannan ruwan haɗe da faɗuwar kuɗin gida. Abin da ya faru ke nan bayan an saki naira a Yunin 2023. Bashin wajen Najeriya bai gusa sosai daga dala biliyan 42 da wani abu ba, amma a naira ya tashi daga ƙasa da tiriliyan 20 a Maris zuwa kusan 38 a Disamba. A daidai lokacin kuma aka shigar da tiriliyan 22.7 da gwamnati ta daɗe tana karɓa daga Babban Banki cikin littafin bashi, da wa'adin shekara 40 da ruwa kashi 9. Haka jimillar ta yi tsalle daga kusan tiriliyan 50 zuwa 87 cikin wata uku.

Ghana ta faɗa wannan ramin har ƙasa. A 2022 sidi ta rasa kusan rabin darajarta, hauhawar farashi ta wuce kashi 54, masu ba da rance na waje kuma suka rufe mata ƙofa. A nan ake ganin wani mugun hali na tazarar: tsoro na ciyar da kansa. Masu kuɗi sun ji tsoron ba za a biya su ba, sai suka tsauwala ruwa, tsadar ruwan kuma ta sa biyan ya gagara da gaske. Ƙarshenta sai da aka sauya wa masu takardun bashin cikin gida sharuɗɗa, kafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da shirin dala biliyan 3 a Mayun 2023.

Akwai kuma saukar kason da ba ta canza komai a baitulmali. A Yulin 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'aunin arzikin Najeriya, ta mayar da shekarar tushe daga 2010 zuwa 2019, sai arzikin 2024 ya fito kusan naira tiriliyan 373. Nan take kason bashi ya sauko daga sama da kashi 50 zuwa kusan 39. Aikin ƙididdigar ya dace, domin ya ƙirga sana'o'in da a da ba a lissafa su sosai. Amma ya ƙara girman ma'aunin ne sau ɗaya, bai ƙara saurin bunƙasa ba, bai rage ruwan da za a biya a wannan shekarar ba. Hasali ma, da arzikin ya fito da girma haka, kason da gwamnati ke iya tarawa daga cikinsa sai ya bayyana ƙarami fiye da yadda ake zato.