Abin da ke sa manhaja ta cinye gefen maɓalli a wayarka

Ka buɗe manhajar tura kuɗi, ka cike komai, sai ka ga maɓallin ƙarshe rabinsa ya shige bayan gefen allo. Wayarka lafiyarta ƙalau. Wanda ya tsara manhajar ne ya auna fili a kan wayarsa, ya ɗauka ta kowa haka take.

Allon waya tarin ƙananan ɗigogin haske ne da ake kira fiksel, kuma cunkosonsu ya bambanta. Wata waya tana da 160 a kowane inci, wata 320, wata 480. Maɓalli mai faɗin fiksel 160 zai kai inci guda a ta farko, amma sulusin inci kawai zai ci a ta uku, har yatsa ya kasa samunsa. Shi ya sa Android ta tanadi ma'aunin `dp`. A allo mai ɗigo 160 a inci, `dp` ɗaya fiksel ɗaya ne. A mai 320 ya zama biyu, a mai 480 ya zama uku. Wayar ce ke yin lissafin da kanta. Saboda haka `48dp`, wanda shi ne mafi ƙanƙantar girman da Google ke ba da shawara ga duk abin da za a taɓa, yana fitowa kusan milimita 8 a ko'ina.

A nan masu koyo da yawa suke tsayawa, a ganinsu an gama. Ba a gama ba. Ma'aunin yana daidaita girman abu ne kawai, ba ya ƙara wa allo fili. Tabarmar da ta dace da zaure ba lallai ta shimfiɗu a ɗakin girki ba.

Mu ɗauki maɓallai biyu a jere, na sokewa da na turawa. Mai tsarawa ya ba kowanne `170dp`, ya bar `16dp` a kowane gefe, da `8dp` a tsakani. Jimilla 380. Wayarsa tana da fiksel 1080 a faɗi da ɗigo 420 a inci, wato faɗin kusan `411dp`, don haka komai ya zauna daram. Amma yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke kasuwanninmu fiksel 720 gare su da ɗigo 320, wato `360dp`. An yi gibin 20. A ƙaramar waya mai `320dp` gibin ya kai 60, kuma maɓallin turawa ne, da yake shi ne na ƙarshe, zai sha yanka.

Gyaran shi ne a daina ƙayyade faɗi, a ce maɓallan su raba abin da ya rage. A cikin `LinearLayout` kowanne zai samu wannan:

```xml
android:layout_width="0dp"
android:layout_weight="1"
android:layout_height="wrap_content"
android:minHeight="48dp"
```

Yanzu a waya mai 360, bayan an cire 40 na tazara, kowanne ya samu 160. A mai 320 ya samu 140. Layuka biyu na ƙarshe sun fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Rubutu da `sp` ake auna shi, wanda ke ƙaruwa idan mai waya ya ƙara girman haruffa, kuma daga Android 14 ana iya ninka shi har biyu. Dattijon da ido ya fara yi wa gardama zai ƙara. Idan an kulle tsawon maɓalli a 48, ƙasan haruffan zai yanke. Haka ma idan aka fassara manhajar zuwa Hausa, inda sau da yawa kalma ɗaya ta Turanci ke komawa biyu ko uku.

A babban allon hannu kuwa matsalar juyewa take yi. A faɗin `800dp` kowane maɓalli zai miƙe ya kai 380, abin babu kyan gani. Android ta kasa faɗi gida-gida: ƙasa da 600 ƙarami ne, daga 600 zuwa 839 matsakaici, daga 840 babba. Sai a ajiye wani tsari daban a `res/layout-w600dp/`, inda jerin sunaye zai zauna a hagu, bayani a dama. Wannan ya fi a tambayi waya wace iri ce ita, domin waya mai naɗewa ƙarama ce idan a rufe take, da an buɗe ta kuma yawanci ta haye 600. Babban allon ma, idan aka raba shi tsakanin manhajoji biyu, filin kowacce na iya komawa na waya.

Gwaji ba ya buƙatar sayen wayoyi goma. A zaɓuɓɓukan masu ƙera manhaja na waya akwai `Smallest width`. A rubuta lambar da ke wurin tukuna, sannan a sa 320, a kai haruffa ƙarshen girmansu, a bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Shafin cike bayanai ya fi kowanne faɗuwa a wannan gwaji, musamman idan madannan rubutu suka taso suka rufe ƙasan allo, shafin kuma ba a sa shi cikin `ScrollView` ba.