Harshen Damo Tsakanin Ma'auni da Korewa: Yadda Ake Gwada Ma'anar Jimla

A ce yaro ya dawo daga kiwo da yamma, ya ce wa mahaifinsa, "Baba, ban ga awaki biyu ba." Uban zai tashi neman tocila, don ya fahimci akwai awaki biyu da suka ɓace. To, a ce kuma maƙwabci ne ya zo cigiya, ya ce an gaya masa awaki biyu sun shiga gonarsu, sai yaron ya amsa, "Ban ga awaki biyu ba, ɗaya na gani." Kalmomin farkon ba su canja ba, jerinsu ma haka. Kuma babu kalma ɗaya a ciki mai ma'ana biyu: akuya akuya ce, biyu biyu ne. Amma abin da aka faɗa ya sha bamban.

Masana ilimin ma'ana suna kiran wannan harshen damo na hurumi. A jimlar akwai abubuwa biyu da kowanne yake son ya mamaye ɗan'uwansa. Akwai ma'auni, wato kalma mai nuna yawa, irin su duk, kowane, wani, wasu da lambobi. Akwai kuma korewa, wato "ba ... ba". A maganar farko "biyu" ce a waje, korewa tana cikin huruminta: akwai awaki biyu, waɗanda ban gani ba. A ta biyu korewa ce ta lulluɓe komai: ba gaskiya ba ne cewa na ga awaki biyu.

Tambayar ita ce, ta yaya za a tabbatar cewa ma'anoni biyu ne da gaske, ba ma'ana ɗaya ba ce da mutane suke fassarawa yadda suka ga dama? Amsar da wannan fanni ya dogara da ita mai sauƙin faɗa ce. Sanin ma'anar jimla shi ne sanin halin da za ta zama gaskiya da halin da za ta zama ƙarya. Saboda haka idan ana zargin jimla tana da ma'ana biyu, sai a ƙirƙiro hali guda wanda a cikinsa ɗaya gaskiya ce, ɗayar kuma ƙarya, a ga ko mai jin harshen zai yarda da jimlar a wannan hali.

Mu gwada da awakin. A hali na farko, awaki huɗu ne gaba ɗaya. Yaron ya ga biyu, bai ga biyu ba. "Akwai biyu da ban gani ba" gaskiya ce. "Ba gaskiya ba ne cewa na ga biyu" ƙarya ce, tunda ya ga biyun. Idan Bahaushe ya yarda yaron bai yi ƙarya ba da ya ce "ban ga awaki biyu ba", to ma'anar farko tana nan. A hali na biyu, awakin biyu ne kacal, ya ga ɗaya. Yanzu abin ya juya: waɗanda bai gani ba ba su kai biyu ba, don haka ma'anar farko ƙarya ce, ta biyu kuwa gaskiya. Idan nan ma an yarda da jimlar, an kama ma'anoni biyun, kowacce a inda 'yar'uwarta ba ta iya tsayawa.

Da lambobi aikin yana tafiya sumul, domin babu ma'anar da ta haɗiye ɗaya. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen "duk".

Ɗauki ɗan kwangila mai leburori biyar da ya ce, "Ban biya duk leburorin ba." Tun daga littafin da Gottlob Frege ya wallafa a 1879, masana manɗiƙi suka sami hanyar rubuta irin wannan magana yadda hurumin kowace alama zai fito fili. Da alamomin da ake amfani da su yau, inda L take nufin lebura ne, B kuma an biya shi:

```
¬∀x (L(x) → B(x))
∀x (L(x) → ¬B(x))
```

Alamar ¬ ita ce korewa, ∀ kuma ita ce "duk". Layin farko yana cewa ba dukkansu aka biya ba. Na biyu yana cewa kowane ɗayansu ba a biya shi ba. Bambancin kawai inda aka ajiye ¬.

Yanzu a ƙirga. Layin farko gaskiya ne idan an biya huɗu, ko uku, ko biyu, ko ɗaya, ko ba a biya kowa ba. Ƙarya ne kawai idan an biya biyar ɗin. Layi na biyu gaskiya ne a hali ɗaya tak, inda babu wanda ya karɓi ko kwabo. Ka ga duk inda na biyu ya zama gaskiya, na farko ma gaskiya ne. Ga tarkon nan. Mutum zai kawo labarin da ba a biya kowa ba, ya tambayi jama'a ko jimlar gaskiya ce, su ce e, sai ya yi shelar ya gano ma'ana ta biyu. Bai gano komai ba, don ko da ma'anar farko kaɗai jimlar take da ita, amsar e ce. Halin da yake raba gardama shi ne na tsakiya, misali an biya uku, saura biyu. Wanda ya ce jimlar gaskiya ce a nan, ma'anar farko ya ji. Ma'ana ta biyu kuwa ba a kama ta da "e", sai da "a'a": sai an sami wanda zai ce wa ɗan kwangilar, "Ƙarya kake yi, ai ka biya uku," kuma ƙaryatawar ta zauna daram.

A kunnena, ba ta zauna ba. Amma juya jimlar, ka ce "Duk leburorin ban biya su ba," nan take wanda ya ga an biya uku yana da bakin ƙaryata ka. Akwai kuma wani ɗan gwaji da yake taimakawa, na ƙara wa jimla jela. "Ba duka na biya ba, kai, ko ɗaya ma ban biya ba" magana ce da ta tsaya, ko da ta ba da haushi. Wannan ya nuna tunanin da mai sauraro yake yi cewa an biya wasu zato ne kawai da al'adar zance ta haifar, ba ya cikin sharaɗin gaskiyar jimlar. "Duk ban biya su ba, amma na biya uku" kuwa tufka da warwara ce.

Wanda ya yi karatun balaga a zaure zai ce ai wannan tsohon zance ne, kuma ya yi gaskiya. Abdulƙahir al-Jurjani, malamin ƙarni na 11, ya yi bayani a Dala'ilul I'ijaz cewa idan "kullu" ta faɗa cikin hurumin korewa, gamewar ce aka kore, idan kuma ta gabaci korewar, to korewar ta game kowane ɗaya. Malamai suna kiran na farko salbul umumi, na biyu umumus salbi, wato layukan nan biyu na sama ke nan. Daga cikin hujjojinsu akwai hadisin Zul-Yadaini, wanda yake cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Annabi (SAW) ya sallame bayan raka'a biyu a sallar la'asar, sahabin ya tambaya ko an rage salla ne ko mantuwa aka yi. Amsar ta zo da "kullu" a gaban korewa, sai Zul-Yadaini ya ce ai sashen hakan ya faru. Malaman balaga suka lura cewa wannan martani ba ya warware "ba duka ba", abin da yake warwarewa shi ne "babu ko ɗaya". Gwajin ƙaryatawa ke nan, tun ƙarnoni kafin a ba shi suna a jami'o'i. Daga baya Taftazani ya yi gyara, ya ce ƙa'idar ta rinjaye ce, ba ta kowane lokaci ba.

Hausa ma tana da nata abin da ya ƙi bin layi. "Ban ga kowa ba" ba ta taɓa nufin na ga wasu ban ga wasu ba; tana nufin ko mutum ɗaya ban gani ba. Amma "ba kowa na gani ba" tana nufin ba duka ba. Kalma ɗaya, korewa tana gabanta a duka biyun, sakamako daban. Shi ya sa masana irin su Malte Zimmermann, da ya yi nazarin ma'aunan Hausa, suka raba korewar da ta tsaya kan aiki da wadda ta rufe jimla gaba ɗaya. "Wani" kuwa ya fi kowa zamewa: "Musa bai gayyaci wani aboki ba" tana iya nufin akwai abokin da aka tsallake, tana iya nufin babu abokin da aka gayyata.

A ɓangaren nazariyya, Richard Montague, a maƙalarsa da ta fito a 1973 bayan rasuwarsa, ya nuna yadda za a gina jimla ɗaya ta hanyoyi biyu, kowace hanya da sharaɗin gaskiyarta. Robert May kuma a 1977 ya ce ma'auni yana iya matsawa zuwa gaban jimla a wani matakin tsari da ba a furtawa. Har yau ana jayayya kan wace hanya ta fi, amma dukkansu da gwaji iri ɗaya ake auna su.

Gwajin kansa yana da inda yake yaudara, kuma binciken da aka yi da yara ne ya fito da hakan sarai. A 1998 Julien Musolino ya riƙa nuna wa yara masu jin Turanci wasa da dawakin roba uku: biyu sun tsallake shinge, ɗaya bai tsallake ba. Sai 'yartsana ta faɗi jimlar Turanci da "kowane doki" yake farkonta, korewa tana biye, a tambayi yaro ko ta faɗi daidai. Lura cewa halin tsakiya aka zaɓa, yadda ya kamata. Manya sun yarda da jimlar, domin Turanci yana barin a fahimce ta da ma'anar "ba kowane doki ne ya tsallake ba". Yara 'yan wajen shekara 5 galibi sun ƙi, suna kafa hujja da dawakin da suka tsallake. Da farko an ɗauka nahawunsu ne bai kai ga ma'ana ta biyu ba. Amma da Musolino da Jeffrey Lidz suka sake gwajin a 2006, suka sa 'yartsanar ta fara faɗin abin da dukkan dawakin suka tsallake kafin ta kawo korewar, sai yara da yawa suka karɓi jimlar. Ashe ma'anar tana nan, labarin farko ne bai share mata hanya ba.

Don haka "e" da "a'a" ba nauyinsu ɗaya ba a wannan gwaji. Idan mutum ya yarda da jimla a halin da ma'ana ɗaya kaɗai take gaskiya, hujja ce mai ƙarfi cewa ma'anar tana nan. Idan ya ƙi, yana iya zama babu ita, yana kuma iya zama ɗayar ce ta riga ta zuwa kunnensa, ko labarin bai sa korewar ta dace ba, ko kuma mai karanta jimlar ya danna murya a kan wata kalma. Mai son gwada "duk ɗaliban ba su ci jarrabawa ba" a kan masu jin Hausa sai ya shirya labarin da wasu suka ci wasu suka faɗi, ya sa tambayar da ake jira a labarin ta zama "shin duka suka ci?", ya ɗauki jimlar a murya ɗaya ya kunna wa kowa, kuma duk wanda ya ce "a'a" a tambaye shi dalilinsa.