Matakalar Bene: Lissafin Taki da Rodin da Ke Ɓoye a Lanƙwasa

Yawancin matakalun da ke wahalar da mutane a gidajen benenmu sun lalace ne tun kafin a ɗaura musu rodi ko ɗaya. Sun lalace ranar da aka zuba dekin, lokacin da aka bar musu rami daidai abin da ya rage bayan falo da ɗakuna sun ɗebi rabonsu. Daga nan sai a kira kafinta a ce ya san yadda zai yi. Shi kuwa ba shi da abin yi illa ya cusa matakai cikin filin da bai ishe su ba, dattijon gidan kuma ya yi sauran rayuwarsa yana dafa gwiwa in zai hau sama.

Ƙafar mutum tana da nata awo. Wani masanin gine-gine ɗan Faransa, François Blondel, ya rubuta a littafin darussansa na 1675 cewa duk lokacin da mai tafiya ya ɗaga ƙafa sama, takinsa na gaba yana raguwa da ninki biyu na abin da ya ɗaga. Daga nan aka samo ƙa'idar da ake aiki da ita har yau: a ninka tsayin mataki sau biyu, a haɗa da faɗin wurin taka ƙafa, jimillar ta zo kusa da takin mutum a fili, wato wajen santimita 60 zuwa 65. A zanen injiniyoyi ana rubuta ta 2R + G, inda R ke nufin tsayin, G kuma faɗin.

Bari mu ɗauki gida mai hawa ɗaya irin wanda aka saba gani. Daga daɓen ƙasa zuwa ƙarƙashin dekin mita 3 ne, kaurin dekin santimita 15, ke nan daga daɓe zuwa daɓe santimita 315. Ba a zaɓar tsayin mataki da ka, raba wannan adadi ake yi. In an raba 315 gida 18, kowane mataki zai tashi santimita 17.5, kusan inci bakwai. A ninka shi ya zama 35, a cire daga 63 da ke kusan tsakiyar awon takin nan, saura 28, wato inci goma sha ɗaya. Shi ne faɗin wurin taka ƙafa. Matakala mai wannan awo gangarenta bai wuce digiri 32 ba, mace mai ɗaure da zani da goyo a baya za ta sauko a kanta ba tare da ta karkace jiki ba.

Sai a raba ta biyu, tara a hawa na farko, tara a na biyu, da dandamalin hutawa a tsakiya, wanda masu aiki ke kira landin. A nan akwai abin da ke rikita mutane: hawa mai tashi tara, wuraren taka ƙafarsa takwas ne kawai, domin na taran shi ne landin ɗin kansa. Takwas sau 28 ya ba da santimita 224. A ƙara mita ɗaya ta landin, ana bukatar ramin da tsawonsa ya kai wajen mita 3 da kwata, faɗinsa ya ɗan haura mita 2. Wannan shi ne filin da ya kamata a ware tun a takarda.

To a ce an bar mita 2.6 kawai. Kafinta mai wayo zai rage matakan su koma 16, kowanne ya tashi santimita 19.7, faɗinsa ya koma wajen 23. Abin mamaki, in aka gwada da ƙa'idar Blondel jimillar 62 ce da ɗoriya, ta ci jarrabawa ke nan. Amma gangaren ya haura digiri 40, ya kusa 42 ɗin da dokar gini ta Ingila ta sa a matsayin iyaka ga matakalar cikin gida. Ƙa'idar tana auna tsawon taki ne kurum, ba ruwanta da ko tafin ƙafa ya sami wurin zama. Babban mutum da takalminsa ya fi ƙarfin santimita 23. A hawa ba a cika jin matsalar ba, domin da kan yatsu ake takawa. A saukowa ne gaban ƙafa ke leƙawa waje, ga babbar riga tana rufe ido daga ganin baki, ga bokitin ruwa a hannu ranar da famfo ya ƙi. Shi ya sa a ganina duk wanda ya sami sarari kada ya yarda faɗin ya gaza 25, ko tsayin ya wuce 18, ko da lissafi ya halatta masa.

Abin da ya fi tsayi haɗari shi ne bambanci. Bayan taki biyu ko uku ƙafa ta riga ta haddace awon, tana ɗagawa daidai gwargwado ba tare da ido ya duba ba, mataki ɗaya da ya saɓa da santimita ɗaya ma yana iya kayar da mutum. Kuma sau da yawa mai tayil ne ke haifar da wannan, ba da gangan ba. An zuba kankare kowane mataki 17.5 cif. Daga baya aka yi wa daɓen ƙasa ciko da tayil na santimita 5, daɓen sama ma haka, matakan kuwa santimita 2 kaɗai aka ɗora musu. Matakin farko ya koma 14.5, na ƙarshe ya zama 20.5, a daidai bakin sama inda faɗuwa ta fi muni. Maganinsa a auna daga gamammen daɓe zuwa gamammen daɓe, a shata layin a bango kafin a kafa katako ko ɗaya.

Yanzu mu shiga cikin kankaren. Matakan da muke takawa ba su ne ke ɗaukar nauyi ba, su kansu kaya ne. Mai ɗaukar nauyin shi ne shimfiɗaɗɗen jikin da ke ƙarƙashinsu, wanda dekin ne da aka jingina a karkace, kaurinsa a irin wannan gida santimita 15 zuwa 17.5. Ana auna kaurin ne daga cikin kusurwar mataki zuwa ƙasan jikin, a miƙe da gangaren. Wanda ya auna daga bakin mataki ya yaudari kansa, zai tashi da jiki siriri. Hawa ɗaya na misalinmu, mai faɗin mita ɗaya, yana cin kankare sama da rabin mita kubik, nauyinsa ya kusa tan ɗaya da rabi tun kafin kowa ya taka shi.

Wannan nauyi yana son lanƙwasa jikin ya yi ciki zuwa ƙasa. Idan haka ta faru, samansa yana matsewa, ƙasansa yana buɗewa. Kankare gwani ne wajen jure matsi, amma ƙarfinsa a ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, don haka manyan rodi a ƙasa suke kwanciya, su bi tsawon gangaren daga madogara zuwa madogara. A ƙananan gidaje an saba ganin rodi mai milimita 12, tazarar santimita 15 zuwa 20, sai ƙanana masu milimita 10 da ke gitta su don su rarraba nauyi su kuma riƙe tsaga. Ainihin adadin aikin injiniya ne, domin ya danganta da inda matakalar ta dogara: wadda ke da bim a bakin landin gajeriyar tazara take tsallakawa, wadda kuwa ta wuce har bangon ƙarshe tana ɗauke da landin ɗin ma. A kusa da madogara, inda matakala ta haɗe da dekin ko bim, lanƙwasar tana juyawa, sama ce ke buɗewa. Nan ake sa rodin sama, kuma su ne leburori ke tattakewa da kwanon sarki a ka ranar zuba kankare har su nutse su koma ƙasa inda ba su da amfani.

Wurin da ya fi cancantar mai gida ya tsaya ya duba da idonsa shi ne inda hawa ya ƙare ya haɗu da landin na sama. Ka tsaya a ƙarƙashi ka ɗaga kai, za ka ga gangaren ya hau sannan ya kwanta, ya yi kusurwa mai shiga ciki. Abin da ya fi sauƙi ga mai ɗaurin rodi shi ne ya lanƙwasa rodin ƙasa ya bi wannan kusurwa ya wuce. Kuskuren ke nan. Lanƙwasasshiyar waya in ka ja ta ta baki biyu miƙewa take son yi, haka rodin nan zai yi in nauyi ya ja shi, kuma hanyar miƙewarsa ita ce ƙasa, inda ba abin da ya tare shi sai ɓawon kankare na santimita biyu da rabi. Sai ya ɓalle ɓawon ya fito. Daidai shi ne a raba rodin biyu su gitta juna kamar almakashi: na gangaren ya miƙe ya wuce kusurwar ya shige saman landin, na ƙasan landin shi ma ya wuce ya shige saman gangaren. Kowanne ya nutsa cikin kankare aƙalla ninki 40 na kaurinsa, wato kusan rabin mita ga rodi mai milimita 12. A gindin hawa kuwa, inda ya tashi daga landin na ƙasa, rodin ƙasa yana iya lanƙwasawa ya wuce lafiya, domin can in ya nemi miƙewa cikin jikin kankare yake turawa. A wannan wurin rodin sama ne ke bukatar a gitta shi.

Saura kankaren kansa. A ɗaga rodin daga katako da ƙananan guntayen siminti da ake kira biskit, don ya sami rufin santimita 2 zuwa 2.5. Ba a sa guntun bulo ko katako a madadinsu, ruwa suke sha su kai wa ƙarfe tsatsa. Kwaɓin matakala ya fi na dekin bukatar tauri, domin mai ruwa-ruwa gangarowa yake yi ya kumbura ta ƙarƙashin allunan matakai. Ana fara zubawa daga ƙasa a hau sama, ana sokawa sosai, kuma ba a tsayawa a tsakiyar hawa a ce sai gobe. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman a bazara da lokacin hunturu da iska ke busar da shi da wuri. Allunan matakai ana iya cire su bayan kwana ɗaya ko biyu, amma sandunan da suka tokare ƙasa a bar su mako biyu zuwa uku, kuma kada matakalar ta zama hanyar hawa da bulo a wannan tsakanin.

In an cire katako, a leƙa ƙarƙashi. Ramuka-ramuka da tsakuwa a fili alamar ba a soka kankaren da kyau ba ne, inuwar rodi da ke nunawa a fuska kuma alamar babu biskit. 'Yan siraran tsaga a filasta ba abin tashin hankali ba ne. Wadda ake gudu ita ce tsagar da ta ratsa faɗin matakalar daga gefe zuwa gefe a daidai kusurwar nan ta landin na sama, musamman in tana ƙara buɗewa ko ɓawon kankare ya fara saki. Irin wannan ba a shafe ta da siminti. A tokare ƙasan da sanduna, a hana hawa da kaya masu nauyi, a kira injiniyan gini mai rajista da COREN ya fasa wurin ya ga yadda aka ɗaura rodin.