Layi Uku a Takardar Jarrabawa: Wane Mai Hanawa Ne Wannan?

Ɗalibin kimiyya a Kuseri ko Garwa, ko da Faransanci yake karatu ko da Turanci, zai iya cin karo da wannan tambaya a jarrabawar ilimin halittu: giraf mai layi uku, ɗaya na enzayim shi kaɗai, biyu kuma an zuba masa sinadarin da ke rage masa gudu, a ce ya faɗi wanne ne mai gasa, wanne ne marar gasa. Da yawa sun haddace bayanin, amma da an ajiye musu zanen sai ido ya raina fata.

Enzayim yana da gurbi guda inda abin da zai sarrafa, wato sabstiret, yake shiga. Mai hanawa na gasa ya yi kama da sabstiret a siffa, don haka gurbin yake tarewa. Haka malonet ke yi wa enzayim ɗin da ke sarrafa saksinet, haka kuma salfadoksin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro ke yi wa wani enzayim na ƙwayar cutar. Marar gasa kuwa can gefe yake maƙalewa, ya lalata aikin gurbin. A ɗauka injin niƙa ne: na farko ya kutsa layi da kwanon da ba hatsi, idan masu hatsi suka yi yawa sai su rinjaye shi, na biyu bel ya sassauta, ko buhu nawa aka kawo injin ba zai ƙara sauri ba.

Shi ya sa amsar tana ƙarshen giraf ta hannun dama, inda sabstiret ya yi yawa. Bari mu gwada da lissafin da ke ɗauke da sunan Michaelis da Menten, masu aikin 1913:

```
v = Vmax × [S] / (Km + [S])
```

Vmax shi ne iyakar gudun, Km kuma yawan sabstiret da ke ba da rabinsa. A ce enzayim shi kaɗai yana da Vmax 100 da Km 2. Idan [S] ya kai 2, gudunsa 50 ne. Mu kira layukan masu hanawar biyu A da B. A nan layin A yana ba da 25, layin B ma 25. Wanda ya tsaya a farkon zanen ba abin da zai iya rarrabewa, su biyun a wuri ɗaya suke. A matsa zuwa [S] 18: enzayim shi kaɗai 90, A ya kai 75 kuma yana ta hawa, B kuwa 45 ne, ya fara kwanciya ƙasa da 50. To A shi ne mai gasa, domin ƙarin sabstiret yana ture shi, layinsa na bin na asali zuwa 100. B marar gasa ne, rufinsa ya sauko.

Sai a tabbatar da Km, kuma a nan ake zubar da maki. Kowane layi da rabin nasa rufin ake auna shi. Rabin na A 50 ne. A ja layi da rula daga 50 har ya taɓa shi, a sauko ƙasa, za a samu 6. Km ya ƙaru daga 2 zuwa 6. Rufin B 50 ne, rabinsa 25, wanda ke saukowa kan 2, daidai da na asali. Ɗalibin da ya nemi 50 a kan B zai ta ja har ƙarshen takarda bai taɓa shi ba, sai ya rubuta cewa Km ya ƙaru, alhali bai motsa ba.

Wani lokaci zanen yana ƙarewa kafin A ya cim ma na asali. Kada wannan ya ruɗi kowa: a duba ko tazarar da ke tsakaninsu tana tsukewa. Ta A ta ragu daga 25 zuwa 15, ta B ta buɗe daga 25 zuwa 45.

Duk wannan yana aiki ne idan layin kwance yawan sabstiret ne, na tsaye kuma gudu. Idan lokaci aka rubuta a ƙasa, da yawan abin da aka samar a tsaye, labari ya sha bamban: muddin akwai sauran enzayim mai aiki, layukan duka za su iya ƙarewa a tsayi ɗaya, domin sabstiret ɗin ne ya ƙare. A ganina karanta rubutun gefen giraf ya kamata ya riga kallon layukan.

Wajen rubuta amsa kuma, cewa "A mai gasa ne" kawai ba ya isa. A kawo adadin da aka karanta, a ce A na nufar Vmax ɗin asali yayin da Km ya tashi zuwa 6, sannan a ba da dalili: yana takarar gurbin da sabstiret. Idan aka ga Vmax ya ragu, Km ma ya sauya, wannan wani nau'i ne daban da waɗannan biyun, ba a cusa shi cikin ɗayansu da ƙarfi.